Ranar da Bappa Ɗantala Ya Ce Babu

Duk wanda ya taɓa sayen hula a layin 'yan hula na babbar kasuwar Gombe ya san Bappa Ɗantala, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai ɗan rankwafawa, wanda in kuna gaisawa ba fuskarka yake kallo ba, kanka yake kallo. Kafin ka gama tambayarsa gida ya riga ya miƙa hannu baya ya zaro hula, ya busa mata iska, ya ɗora maka. In ka ce ai ba sayen hula ya kawo ka ba, sai ya ce shi ma ba sayarwa yake yi ba, gani kawai yake son yi. Mutane da yawa haka suka fita da hular da ba su yi niyya ba.

Ba ƙanin mahaifina ba ne na jini. Iyayensa daga wajen Katsina suka zo da fatauci suka zauna a Pantami, mu kuwa Fulanin nan ne. Amma katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma matarsa Inno ita ta yi mini wankan jego na ɗan fari. Tun ina ƙarama Bappa nake ce masa. Shi kuma bai taɓa kirana Zulaihatu ba sai in na yi laifi. Zulai yake cewa, ko 'yar nan, har yanzu da nake da 'ya'ya uku.

Abin da aka fi saninsa da shi a layin shi ne ba ya cewa babu. Ko me ka tambaya, zai ce akwai, ya jawo maka benci, ya sa a kawo maka ruwa, ya saɓa babbar riga ya fita. Zai leƙa rumfar Sallau, maƙwabcinsa, in bai samu ba ya wuce ta gaba, har ƙarshen layi, ya dawo da abin da kake so. Haka 'yan layin suke yi wa junansu tun kafin a haife ni. Kayan maƙwabcinka naka ne in ka sami mai saye, daga baya ku daidaita. Sai dai shi Bappa ya ɗauki abin da zafi fiye da kowa. A ganinsa ɗan kasuwar da ya kalli idon mutum ya ce masa babu, to ya tashi daga ɗan kasuwa ya koma mai gadin rumfa.

Ciwon suga ne ya zaunar da shi. Ya fara da ɗan ƙurji a yatsan ƙafa, ya raina shi, ya ci gaba da zagayen layinsa, har aka kai ga yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Inno ta riga ta rasu shekara guda kafin nan. Rumfa ta koma hannun wani, aka kwaso ragowar hulunansa a babbar adaka ta ƙarfe aka ajiye masa a zaure, wasu kuma ya ce ya bar su a wurin Sallau.

Ɗansa Uzairu, wanda ke aiki a Abuja yana zaune a Mararraba, ya zo da maganar da kowa ya san za a yi. Ya ce ya gyara ɗaki, Baba ya tattara su tafi, ba zai bar shi a gida daga shi sai ɗan haya ba. Ba zan ce Uzairu ya yi laifi ba, ko ni ce haka zan ce. Amma Bappa ya ƙi. Ya ce a Pantami in ya zauna a zaure kowa ya wuce zai ce sannu mai hula, a can kuwa zai zama tsohon gidan wane. Ya ce shi har yanzu yana da sana'a, kuma mai sana'a ba a ɗauke shi kamar buhu.

A nan na shiga maganar, da ƙafata. Aikina kenan, shirya wa 'yan kasuwa shagon intanet: masu atamfa, masu turaren wuta, masu takalma. Na ce a ba ni dama in buɗe masa nasa, ya sayar daga zaure. Uzairu ya ce ya yarda, amma zuwa Babbar Sallah. In shagon ya tsaya da ƙafarsa, Baba ya zauna. In bai tsaya ba, mota za ta zo. Muna cikin azumi lokacin. Bappa ya amsa da sauri, ni kuma na fita ina jin kaina kamar na riga na ci.

Faɗanmu na farko a kan hoto ne. Ni na ce kowace hula a ɗauke ta sau huɗu: ta gaba, ta gefe, ta sama don a ga zanen tsakiya, sannan a matso kusa a ga zaren. Na shimfiɗa farin yadi a inuwar darbejiyar ƙofar gida da hantsi, don hasken rana kai tsaye yana ƙone launi, hasken waya kuma yana mayar da ruwan toka ya koma shuɗi. Shi ya ce ɓata lokaci ne. A ɗauki guda ɗaya mai kyau ta wakilci 'yan uwanta, ai duk hular tangaran ce. Na ce masa mutumin da ke Jos ba zai iya juya hula a hannunsa ba, hoton nan shi ne hannunsa. In ya ga mai ɗigon ja aka kai masa mai ɗigon ruwan goro, zai ce an cuce shi. Bappa ya ce in da a gabansa mutumin yake, da ya nuna masa ruwan goron ya fi dacewa da fatarsa. Na ce to ba a gabanka yake ba. Ya kawar da kai ya ce in ci gaba da hotona.

Bayanin hula kuwa shi ya fi ni, nan kam na sakar masa. Ina riƙe da waya yana faɗa ina rubutawa: aikin hannu ne ko na inji, wane irin zare, tsayinta inci nawa, an wanke ta an sa mata sitaci ko ɗanya ce, da irin shaddar da za ta hau. Matsalar ita ce ba ya tsayawa. Hula ɗaya sai ya ba ni labarin matar da ta ɗinka ta a Maiduguri da wanda ya kawo ta da abin da aka ci a ranar. Ni kuma in yanke in bar layi huɗu, don babu mai karanta wa'azi a waya. In na karanta masa abin da ya rage, sai ya ce na yanka masa hula na bar ƙashi.

Sai maganar lamba. Shi bai taɓa auna kan mutum da tef ba a rayuwarsa, yana ganin cin fuska ne. Na rubuta a kowane shafi yadda mai saye zai auna kansa: ya zagaya tef ɗin tela ta tsakiyar goshi, ya bi ta saman kunne, kada ya matse, ya duba inci nawa ne. Na sa ɗan hoton kan mijina da tef a jiki, wanda har yau bai yafe mini ba. Hulunan da ba su da na biyu, kowace na yi mata shafinta, lamba ɗaya, guda ɗaya, in an saya shafin ya nuna ta ƙare. Waɗanda kuma zane ɗaya ne aka yi su da yawa, na haɗa su a shafi guda, na jera lambobin a ƙasa daga ashirin da ɗaya da rabi zuwa ashirin da huɗu, kowace lamba da adadin da ke ƙasa. In na wata lamba ya ƙare, wurin dannawarta ya dushe, ba za ta zaɓu ba. Bappa ya daɗe yana kallon lambar da ta dushe a wayata. Ya tambaye ni ko wannan yana nufin shagonsa yana ce wa mutane babu tun kafin su yi sallama. Na ce eh. Na ga abin bai yi masa daɗi ba.

Bayanin kai kaya ya fi komai ba mu wahala. Na rubuta cewa cikin garin Gombe mai babur zai kai a ranar. Wajen gari ana turawa washegarin oda, ta motar haya, mai kaya ya karɓa a tasha, za a tura masa lambar direba. Bauchi da Jos da Kano da Abuja kwana ɗaya zuwa biyu, Legas kwana uku zuwa huɗu. Na sa kuɗin kowane gari, na kuma rubuta cewa in hula ba ta zauna ba ana canjawa matuƙar ba a sa ta an fita ba. Bappa ya ce a goge kwanakin. Wa ya ba ni sanin gobe da zan yanka wa mutum rana? Taya tana fashewa, direba yana kwana a hanya. A rubuta zai iso in sha Allahu, shi ke nan. Na ce masa wanda zai sa hula ranar Juma'a yana son ya san ko ya saya ko ya haƙura. Muka yi ta ja har aka kira la'asar. A ƙarshe kwanakin suka zauna, in sha Allahu ta zauna a bayansu, kowa ya ce shi ya yi nasara.

Akwai wata hula bangwal mai ruwan ƙasa da fari, zane ɗaya, wadda ya ce ita ce ta fi tafiya wajen masu anko. Uku kawai na gani a adaka. Na tambaye shi adadin kowace lamba, ya lissafo mini ba tare da ya yi gargada ba, har da ashirin da huɗu, wadda ba kasafai ake samu ba. Na ce ina sauran? Ya ce suna kasuwa. Na san ya bar kaya a wurin Sallau, amma duk da haka na sake tambaya, na kuma sakewa, don na san halin mutumina.

"Bappa, in aka saya yau, gobe za su hau mota?"

"Zulai, shekara nawa ina wannan sana'a? Akwai."

Na shigar da adadin yadda ya faɗa.

Shagon ya fara motsi bayan Ƙaramar Sallah. Oda ɗaya yau, biyu jibi. Na koya masa yadda zai gane ƙarar shigowar oda, ya kuwa riƙe ta fiye da yadda nake so, don ko ina tsakiyar tuƙa tuwo sai na ji ana buga katanga da sandar ƙarfe. Ya koma sa babbar riga a zaure. Yana naɗe hula a takarda da kansa, ya cusa mata tsumma a ciki don kada ta lotse, ya sa a kwali, ya yi wa mai babur faɗan kada ya ɗora komai a kai. Ranar da wani malami daga Bauchi ya turo hotonsa da hula a ka, Bappa ya sa na buɗe masa hoton ya fi sau goma. Ya ce ta zauna, amma da ya ɗan tura ta baya kaɗan.

Sai ga odar Sharfaddeen. Wani saurayi ne ɗan Agege a Legas, zai yi aure, ya zaɓi bangwal ɗin nan guda goma sha biyu don abokansa, kowa da lambarsa, biyu daga ciki ashirin da huɗu. Ya biya nan take. Ya rubuto cewa ɗaurin auren Asabar ta sama ne, ya ga an ce kwana uku zuwa huɗu, shi ya sa hankalinsa ya kwanta. Yaron bai yi kuskuren komai ba, abin da shafi ya gaya masa ya bi.

Na shiga zaure da murna na ce a aika wurin Sallau a kwaso. A nan ne na gane. Abin da Bappa ya bari a wurin Sallau 'yan tsofaffin huluna ne, babu bangwal ko ɗaya. Adadin da ya ba ni na layin ne gaba ɗaya, yadda ya san shi kafin ya kwanta asibiti: huɗu cikin kayan shi Sallau kansa, wasu a rumfar kusa da masallaci, manyan lambobi a wurin wani ɗan Borno a ƙarshen layi. Ba ƙarya ya yi mini ba, har ga Allah a ransa akwai su. Abin da ya manta shi ne ƙafar da take zagayawa ta ɗauko su ba ta nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a kira yaron yanzu a gaya masa gaskiya, ya nemi wani wuri tun da sauran lokaci. Bappa ya ce sam, ba za a fara da shi ba. Ya kira Sallau. Sallau mutumin kirki ne, amma shi ma yana da rumfarsa da masu sayensa, ba zai rufe ya bi layi don wani ba sai ya sami sarari. Kwana biyu ya haɗa bakwai. Na uku ya ƙaro uku masu kama da su, ruwan ƙasar ya fi duhu. Ashirin da huɗu kuwa ɗan Bornon ya sayar tun azumi. Bappa ya sa aka kai ashirin da uku da rabi wurin mai wankin hula, a jiƙa su a ɗora a katakon hula mafi girma ko za su buɗe. Ranar kuma aka wuni ana ruwan farkon damina, suka ƙi bushewa.

Ni ce a tsakiya. Sharfaddeen yana rubuto mini yana neman lambar direba, Bappa yana ce mini in ce masa gobe. Na gaya wa yaron gaskiya a rana ta uku, ba da izinin Bappa ba, amma lokacin ya ce ya riga ya gaya wa abokansa, a turo kawai. Kwalin ya hau mota ranar Alhamis. Ya isa Legas ranar Lahadi, an riga an watse.

Yaron bai yi zagi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya rubuta a ƙasan shafin, inda masu saye ke barin ra'ayi, cewa kaya sun zo bayan biki, uku ba kalar hoto ba ne, biyu sun matse. Ya ce a daina rubuta abin da babu. Ya sa hoton hulunan a jere a kan gado. Aka mayar masa da kuɗinsa, ya dawo da kaya. Uzairu ya gani, don kullum yana leƙa shagon daga can. Ya kira ni, ba mahaifinsa ba, ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya, kuskure ne, an gyara. Ya ce to, Allah ya kai mu Sallah.

Bappa ya sa na karanta masa abin da yaron ya rubuta. Ya tambaya ko ana iya gogewa. Na ce ko ana iyawa ba zan goge ba, amma za mu iya ba shi amsa a ƙasa. Ya ce in rubuta: gaskiyarka ɗana, ka yafe wa tsoho. Daga nan ya jawo adakar da sandarsa ya buɗe.

"Ƙirga abin da idonki ya gani. Wanda ba ya cikin nan, cire shi."

Muka wuni muna yi. Kowace hula na sa mata tef na tabbatar da lambarta, na gyara adadi. Na mayar wa Sallau nasa. Shafin bangwal ya koma lambobi biyu masu rai, sauran duk sun dushe. Shagon ya zama ƙarami, amma duk abin da ke cikinsa gaskiya ne. Ban taɓa shirya shafukan da suka kai waɗannan tsabta ba, kuma ina shirya su ina jin kamar ina kwashe masa kayan ɗaki.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna nake rasa wanda zan ɗora wa laifi. Shagon ya yi kyau. Mutane suka ga amsar tsoho a ƙasan ƙorafin yaron, suka ga kaya na isa a ranar da aka ce, ga Sallah tana matsowa. Oda ta riƙa shigowa. Kowace ƙara Bappa ya yi murmushi, kowace ƙara kuma shafi ɗaya ya koma ta ƙare. Adaka tana ta yin ƙasa.

Sabon kaya kuwa ba ya zuwa. Masu kawo hula daga Maiduguri a layi suke sauke jaka da sassafe, wanda ke wurin ya zaɓa, ana cacar baki ana shan shayi. Ba wanda zai ɗauko jaka ya biyo lungun Pantami don mutum ɗaya. Na je da kaina sau biyu, na tarar an tsince masu kyau, ni kuma ban san ta kirki ba sai an nuna mini. Na riƙa ɗaga masa su ta kiran bidiyo, yana cewa in matsa da yatsa in ji, in juya cikin in duba ƙullin zare. Me zan ji? Waɗanda na kawo ya juya su ya ce ba zai sa sunansa a kansu ba. Na roƙi Sallau ya bari in sa kayansa a shagon, a ware su gefe. Ya ce ba zai iya ɗaure hula ta zauna jiran mutumin waya ba alhali ga mai saye a tsaye, kuma gaskiyarsa ne. In ba a ware ba, mun koma gidan jiya. Na zauna na juya abin ta kowace fuska, ban ga ƙofa ba.

Na ce wa Bappa ko mu ɓoye wasu shafukan, mu riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan har Sallah ta wuce, Uzairu ya ga shago da kaya. Ya dube ni ya ce, Zulaihatu. Ban sake tayar da maganar ba.

Uzairu ya zo hutun Sallah. Bai yi dogon bayani ba. Ya zauna a zaure ya buɗe shagon a wayarsa yana ja da yatsa, ta ƙare, ta ƙare, ta ƙare, har ƙasa. Sannan ya leƙa adaka. Hula ɗaya ce a ciki, tangaran ruwan toka, lamba ashirin da uku. Na fara bayanin cewa ai ƙarewar kaya alamar ciniki ce, Bappa ya ɗaga mini hannu. Ya ce wa ɗansa a bar shi ya yi sallama da mutane, jibi su tafi.

Daren tafiya bai yi ba sai da odar hular ta shigo, da yamma muna ɗaure kaya. Wani ne a Nyanya, kusa da inda Uzairu yake. Na ce bari in rufe shafin in mayar masa da kuɗinsa. Bappa ya ce a'a, me shafi ya ce? Abuja kwana ɗaya zuwa biyu. To ga mota za ta tashi gobe, shi ne direban saƙon. Ya naɗe ta da kansa, ya cusa tsumma, ya ƙi yarda a sa kwalin a but ɗin mota. A cinyarsa ya riƙe shi. Da motar ta fita daga lungu mutanen unguwa suna ta sannu mai hula, Allah ya kiyaye hanya. Ni ban iya fita ba, ina tsaye a zaurensu kusa da adakar, na yi kukana.

Bappa ya kira ni bayan kwana biyu. Muryarsa ta yi ƙasa, ina jin ƙarar talabijin da yara a bayansa. Ya ce mutumin ya zo har gida ya karɓa, mutumin kirki, ma'aikaci. Ya ce tun daga bakin ƙofa ya ga kan, ya san ashirin da biyu da rabi ne, wataƙila da ya auna ya sa yatsa a ƙarƙashin tef. Ya ɗora masa hular ta sauko har gira. Mutumin ya yi dariya ya ce ba komai, ya ga an rubuta ana canjawa, a ba shi ƙasa da ita kaɗan.

Ni kuwa na san abin da ke cikin ɗakin nan: gado, da sanda, da jakar magani.

"Me ka ce masa, Bappa?"

"Na waiga baya, Zulai. Wallahi sai da na miƙa hannu. Na ce masa babu."

Ya ce in rufe shagon. Na ce to. Har yau ban rufe ba, shafukan suna nan da hotunansu huɗu-huɗu da kwanakin kai kaya da in sha Allahu a ƙarshe, kuma babu lamba ɗaya da take dannuwa.